Idan kun gano kuskure bayan kun ajiye dosiye: yadda ake aika takardar da aka gyara

A ƙasar Damargu, duk ƙungiyar da ke neman tallafi ta san aikin haɗa dosiye. Dosiye shi ne takardar neman abu tare da sauran takardun da ke raka ta, kamar jerin sunayen membobi, da takardar lissafin kuɗi, da fotokopin katin ɗan ƙasa, da rahoton taron ƙungiya. Ana haɗa su gaba ɗaya, a kai su buron komin ko buron furoje, a karɓo takardar shaidar an ajiye, wadda muke kira resi.

Sau da yawa sai an koma gida, an sake duba kwafin da aka riƙe, sannan a ga kuskure a cikin ɗaya daga takardun. A nan ne mutane kan rabu gida biyu. Wasu sukan yi shiru, suna fatan ba za a lura ba. Wasu kuma sukan ruga buro su roƙi ma'aikaci ya zare tsohuwar takarda ya cusa sabuwa ba tare da an rubuta komai ba. Duka hanyoyin biyu suna iya jawo asara. Hanyar da ta dace ita ce a sake rubuta takardar, a haɗa ta da gajeriyar wasiƙa mai cewa wannan ta soke waccan, a shigar da su ta ƙofar da dosiyen farko ya shiga, kafin wa'adi ya cika, a kuma karɓi shaida. Wannan bayani zai bi matakan ɗaya bayan ɗaya, tare da misali.

Misali: ƙungiyar mata da lissafin awaki

Mu ɗauki misalin wata ƙungiyar mata 20 a wani ƙauye na komin ɗin Gangara, cikin gundumar Tanut. Kuɗaɗen da za a ambata na koyarwa ne, ba farashin kasuwa ba ne. A ce wani furoje ya ba da sanarwa cewa zai taimaka wa ƙungiyoyi da kuɗin sayen awaki. Sanarwar ta kafa sharuɗɗa uku. Na farko, kowace ƙungiya za ta zuba aƙalla kashi 10 cikin 100 na kuɗin aikin daga aljihunta. Na biyu, furojen ba zai ba ƙungiya ɗaya fiye da sefa 1,000,000 ba. Na uku, za a rufe karɓar dosiye ranar 20 ga Maris.

Magatakardar ƙungiyar, wadda ta koyi karatu da rubutu a ajin yaƙi da jahilci, ita ce ta rubuta takardar lissafi. Ga abin da ta sa a ciki:

Awaki 40, kowace sefa 25,000, jimla 1,000,000.
Dusa buhu 10, kowane sefa 8,000, jimla 80,000.
Magani da allura na awaki 40, kowace 150, jimla 6,000.
Kuɗin mota na awaki 40, kowace 100, jimla 4,000.
Jimlar kuɗin aiki: 1,090,000.

Kashi 10 cikin 100 na wannan jimla shi ne 109,000, wato rabon ƙungiya ke nan. Saura 981,000, su ne aka nema daga furoje. An ajiye dosiyen ranar 3 ga Maris, an ba su resi mai lamba 047.

Bayan mako guda, a wurin taron ƙungiya, magatakarda ta karanta kwafin takardar da ƙarfi. Da ta zo layin mota, sai ma'aji ta tsayar da ita, ta ce: "Yaya, sake karanta wurin nan. Wane direba ne zai ɗauki akuya a kan dala ashirin? Ai dala ɗari muka ce."

A nan kuskuren yake. Mu a baki da dala muke ƙirga kuɗi, amma takardun buro da sefa ake rubuta su, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Da aka ce mata kuɗin mota "ɗari", sai ta rubuta 100, alhali dala ɗari sefa 500 ne. Da aka ce magani "ɗari da hamsin", sai ta rubuta 150, alhali sefa 750 ne. Kuɗin awaki da na dusa sun tsira, domin da jika aka faɗe su, ita kuwa jika kowa ya san sefa 1,000 ce.

Idan aka gyara, magani ya zama 30,000, mota ta zama 20,000, jimlar aiki ta koma 1,130,000. Bambancin ya kai 40,000, wato ya fi kuɗin akuya guda. Da sun yi shiru aka amince da tsohon lissafi, to, ranar sayen awaki ne za su tarar da giɓin, kuma furoje ba ya biyan abin da ba a rubuta ba.

Mataki na farko: ku san irin kuskuren

Ba kowane kuskure ne ke buƙatar komawa buro ba, kuma ba kowane ne kuke da ikon gyarawa da kanku ba. Kuskure iri uku ne.

Iri na farko shi ne wanda bai sauya ma'ana ba, kamar harafi ɗaya da ya faɗi a cikin wata kalma ta bayani, ko layi da ya karkace. Duk wanda ya karanta zai gane abin da ake nufi. Irin wannan a bar shi. Yawan kai gyara a kan ƙananan abubuwa yana rikita dosiye.

Iri na biyu shi ne wanda ya taɓa kuɗi, ko suna, ko kwanan wata, ko yawan mutane, ko lambar kati, ko lambar waya, ko sunan gari, ko kuma sa hannun da aka manta, a cikin takardar da ku kuka rubuta. Wannan dole ne a gyara shi, kuma ku ne masu gyarawa. Kuskuren lissafin awaki yana cikin wannan aji. Haka nan idan a jerin membobi an rubuta mace da sunan mijinta, alhali katinta yana ɗauke da sunan mahaifinta. Masu tantancewa da kati suke gwada jerin sunaye, saboda haka sunan da ke kan kati shi ake kwafewa, harafi da harafi, ko da ba haka ake kiran ta a gida ba.

Iri na uku shi ne kuskuren da ke cikin takardar da hukuma ta bayar, kamar takardar haihuwa ko katin ɗan ƙasa. Wannan ba ku da ikon taɓa ta. Wanda ya sa biro ya sauya harafi ko lamba a takardar hukuma, ko a fotokopinta, ya shiga laifin jabu, ko da abin da ya rubuta shi ne gaskiya. Sai dai a koma wurin hukumar da ta ba da takardar, wani gyaran ma sai ta hannun kotu. Wannan aiki yana ɗaukar lokaci, don haka a sanar da masu karɓar dosiye a rubuce cewa ana kan neman gyara.

Akwai wani abu da ya shafi mutanen Belbeji. Kafin shekarar 2011, Belbeji tana ƙarƙashin gundumar Tanut ne. A 2011 aka mai da ita gunduma mai zaman kanta, wadda ta ƙunshi komin ɗin Tarka. Saboda haka tsohuwar takardar mutumin Tarka mai ɗauke da sunan Tanut ba kuskure gare ta ba, daidai take da zamaninta. Amma sabuwar takardar da ƙungiyar Tarka ta rubuta da hannunta, Belbeji ya kamata ta sa a wurin gunduma. Idan aka sa Tanut, ana iya jera dosiyen tare da na wata gunduma, don haka sai a gyara.

Mataki na biyu: ku bi sawun kuskuren

Kuskuren lamba ba ya zama wuri ɗaya. Idan layi ɗaya ya sauya, jimla ta sauya, kuma duk takardar da aka kwafe jimlar a cikinta ta zama ba daidai ba. Saboda haka kafin a rubuta komai, a baza kwafin dosiye gaba ɗaya a kan tabarma, a nemi duk wurin da tsohuwar lambar ta bayyana.

Da matan Gangara suka yi haka, sai suka ga abu biyu. Na ɗaya, adadin 981,000 yana cikin takardar neman tallafin kanta, ba a takardar lissafi kaɗai ba. Na biyu, sabon lissafin ya ci karo da sharaɗin furoje. Kashi 10 cikin 100 na 1,130,000 shi ne 113,000. Idan aka cire shi, saura 1,017,000, wanda ya wuce iyakar 1,000,000 da sefa 17,000. Da sun aika da gyaran haka ba tare da sun lura ba, da gyaran da kansa ya sa an yi watsi da dosiyensu.

Hanya biyu ke gabansu: ko su rage yawan awaki, ko su ƙara rabonsu. Sun zaɓi su ƙara rabonsu ya kai 130,000, wato kowace mace ta zuba 6,500, sannan su nemi 1,000,000 daidai. Irin wannan shawara ba ta magatakarda ba ce ita kaɗai, domin ta taɓa aljihun kowa. An yanke ta a gaban taro, an rubuta ta a kayen ƙungiya. A ƙarshe takardu biyu ne suka buƙaci sabuntawa: takardar lissafi da takardar neman tallafi.

Darasin shi ne, bayan an gyara, a sake karanta sanarwar farko daga sama har ƙasa, a gwada sabuwar takarda da kowane sharaɗi. A wannan karatun ne kuma za a duba ranar rufewa, da ko sanarwar ta faɗi wani abu game da kawo gyara. In ta faɗi hanya, ita za a bi.

Mataki na uku: ku sake rubuta takardar gaba ɗaya

Kada a soke lamba a rubuta wata a samanta. Kada a shafa farin ruwan goge rubutu. Takardar kuɗi mai gogewa tana sa mai karatu zargi, domin ba zai san wanda ya goge ba, ba zai kuma san lokacin da aka goge ba. A ɗauki sabuwar takarda a rubuta komai daga farko, har da layukan da ba su da kuskure, yadda sabuwar za ta tsaya da ƙafarta ko da tsohuwar ba ta kusa.

A saman takardar a rubuta da manyan haruffa cewa wannan gyararriya ce, kuma ta soke wadda aka ajiye ranar kaza. A takardun Faransanci akwai kalmomi uku da ma'aikatan buro suka sani don wannan aiki, ana buga su kamar haka: "Annule et remplace". Ma'anarsu ita ce, ta soke ta kuma maye gurbi. Bayansu sai a sa sunan tsohuwar takardar da ranarta.

A sa kwanan watan ranar da aka yi gyaran, ba na ranar farko ba. Wasu sukan mai da kwanan wata baya don su nuna kamar ba a taɓa yin kuskure ba. Wannan yana haifar da takardu biyu masu rana ɗaya da lambobi daban, kuma ba wanda zai iya sanin wadda ta fi sabunta.

Waɗanda suka sa hannu a tsohuwar takarda su ne za su sa hannu a sabuwa. Idan shugaba da ma'aji ne suka sa hannu ko suka dangwala yatsa da farko, to, su biyun za su sake. Idan ƙungiya tana da hatimi kuma an buga shi a waccan, a buga shi a wannan. Takardar gyara mai sa hannun magatakarda kaɗai ba ta da ƙarfin soke takardar da shugabanni biyu suka amince da ita.

Kafin a sa hannu, mutum biyu su duba lissafin, kowa shi kaɗai. Ɗaya ya karanta lamba da sefa, ɗayan ya mai da ita dala ko jika da baki, don kunne ya kama abin da ido ya tsallake. Haka ma'aji ta kama kuskuren farko.

Mataki na huɗu: wasiƙar gyara

Sabuwar takarda ba ta tafiya ita kaɗai. Ma'aikacin da ya karɓe ta yana da dosiye da yawa a gabansa, kuma mai yiwuwa ba shi ne zai tantance ba. Wasiƙar gyara ita ce ke gaya wa duk wanda ya buɗe dosiyen abin da ya faru. Gajeriya ce, ba ta wuce rabin shafi. Tana amsa tambayoyi biyar: Su wane ne ku? Wane dosiye ne? Wace takarda ce ke da kuskure? Mene ne aka rubuta, mene ne kuma daidai? Me kuke so a yi?

Ga yadda wasiƙar matan Gangara za ta kasance:

Gangara, 11 ga Maris

Zuwa ga shugaban furoje

Magana: gyaran takardu biyu na dosiye mai lamba 047

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa, muna sanar da kai cewa ranar 3 ga Maris ƙungiyarmu ta ajiye dosiyen neman tallafin sayen awaki, an ba mu resi mai lamba 047. Mun gano kuskure a takardar lissafi. A layin magani mun rubuta sefa 150 a kan kowace akuya, alhali 750 ne. A layin mota mun rubuta 100, alhali 500 ne. Saboda haka jimlar aiki ta tashi daga 1,090,000 zuwa 1,130,000. Ƙungiya za ta zuba 130,000, tana neman 1,000,000.

Tare da wannan wasiƙa akwai sabuwar takardar lissafi da sabuwar takardar neman tallafi. Muna roƙo a yi aiki da su a maimakon na ranar 3 ga Maris. Sauran takardun dosiyen suna nan yadda suke.

Mun gode.

Shugaba da ma'aji, da sa hannunsu da lambar wayar ƙungiya.

Ku lura da abin da ba ya cikin wasiƙar. Ba a ɗora wa kowa laifi ba, ba a yi doguwar ban haƙuri ba, ba a kuma ba da labarin taron ba. Ku lura kuma da jimlar ƙarshe mai cewa sauran takardu suna nan yadda suke. Ita ce ke hana ma'aikaci zaton ko dosiyen gaba ɗaya aka janye.

A rubuta wasiƙar zuwa ga wanda aka rubuta wa takardar farko, da muƙamin da aka yi amfani da shi. Idan dosiyen na komin ne, a tambayi muƙamin shugabanta na lokacin, domin a shekarar 2024 an rushe majalisun komin a Nijar, aka naɗa wakilan gwamnati a madadin zaɓaɓɓun magadan gari. Harshen wasiƙa kuma ya bi harshen dosiyen. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Duk da haka, idan da Faransanci aka cika dosiyen, a sa wanda ya iya ya juya wasiƙar. Ku fara rubuta ta da Hausa da hannunku, sannan bayan an juya ku gwada lambobin ɗaya bayan ɗaya, domin lambobi ba su da yare.

Mataki na biyar: miƙawa da karɓar shaida

A yi kwafi biyu na wasiƙar da na sababbin takardun, a tafi da tsohon resi. A kai su buron da ya karɓi dosiyen farko, wurin mai rubuta takardun da suka shigo. Yawancin buro suna da babban littafi inda ake rubuta kowace takarda da ranar zuwanta da lambarta. Abin da ba a shigar cikin littafin nan ba, a idon buro bai zo ba.

Ba a buƙatar dogon bayani a bakin taga. Magatakarda tana iya cewa: "Malam, ina wuni. Mun kawo gyara ne na dosiye mai lamba 047, ga resinmu. Don Allah a shigar da shi a littafi, a buga mana hatimi a kwafinmu." Abin da za a koma gida da shi shi ne kwafin wasiƙar ɗauke da hatimin buro, da kwanan wata, da sa hannun wanda ya karɓa.

Wani lokaci ma'aikaci, da kyakkyawar niyya, zai ce: "Hajiya, ba sai an rubuta ba, kawo in sauya miki kawai." A gode masa, amma a nace a kan a rubuta. Dalili kuwa, mai yiwuwa an riga an yi fotokopin dosiyen an aika Damagaram, ko an kwafe tsohuwar jimlar a jerin masu nema. Idan aka sauya takarda a ɓoye, kwamitin tantancewa zai ga lamba ɗaya a jeri, wata daban a dosiye, ba tare da bayani ba. Haka kuma kada a nemi a mayar muku da tsohuwar takarda. Ta zauna a dosiyen tare da sabuwa da wasiƙa, don kowa ya ga yadda abin ya gudana.

Kada a ba direba ko wani mai zuwa kasuwa takardun ya miƙa, sai in an tabbata zai shiga buron da kansa ya dawo da kwafi mai hatimi. Kada kuma a miƙa wa ma'aikacin furoje a hanya ko a gidan biki. Takardar da aka karɓa a hanya takan kwana a jaka har wa'adi ya wuce. Ga mutanen ƙauyukan nesa, na Tenhiya ko na arewacin Tarka, waɗanda ba sa samun mota kullum, a ƙirga kwanakin tafiya tun da wuri. A tuna kuma buron gwamnati yakan tashi da wuri ranar Juma'a, ba ya buɗewa Asabar da Lahadi.

Idan ta waya aka aika dosiyen

Wasu furoje suna karɓar dosiye ta imel ko ta WhatsApp. Ƙa'idar ba ta sauya ba: gyara ya bi ƙofar da dosiye ya bi. In ta imel aka aika, a buɗe saƙon farko a amsa a kansa, don sabon ya manne da tsohon, a kuma sa lambar dosiye a kan maganar saƙon. Abin da ke cikin wasiƙar gyara shi za a rubuta a jikin saƙon.

Kurakurai uku ne suka fi faruwa a nan. Na farko, a rubuta saƙo a manta ba a liƙa takardar ba. Na biyu, a sake liƙa tsohuwar takarda saboda sunansu ɗaya. Maganin wannan shi ne a ba sabuwar suna daban mai ɗauke da rana, misali lissafi_gyara_11-03.pdf. Na uku, a ɗauki hoto mai duhu ko wanda ya yanke layin jimla da sa hannu. A shimfiɗa takardar a wuri mai haske, a ɗauke ta daga sama yadda kusurwoyinta huɗu za su fito.

Bayan an aika, a buɗe saƙon daga cikin waɗanda aka aika, a buɗe takardar da ke liƙe, a karanta lambobin. A wurin da layin waya ba shi da ƙarfi, saƙo yakan maƙale bai fita ba, don haka a tabbata ya tafi kafin a bar wurin. A roƙi masu karɓa su amsa a rubuce cewa sun samu. Amsar nan ita ce resinku, kada a goge ta.

Idan wa'adi ya riga ya wuce

Kafin ranar rufewa, gyara abu ne mai sauƙi. Bayan ta kuwa, sai abin da masu dosiye suka yarda. Inda ƙungiyoyi ke gasar neman tallafi ɗaya, sau da yawa ba a yarda wani ya sauya adadin kuɗi bayan rufewa ba, domin hakan rashin adalci ne ga sauran. Ƙaramin gyara, kamar lambar waya ko harafin suna, ya fi samun karɓuwa.

Duk da haka a rubuta wasiƙar, amma a sauya roƙon. Maimakon a ce a maye gurbi, sai a ce ana sanar da kuskuren, ana tambaya ko za a karɓi gyara. Da matan Gangara sun gano nasu bayan 20 ga Maris, suna iya rubuta cewa ba su ƙara komai a kan 981,000 da suka nema ba, ƙungiya za ta ɗauki ƙarin 40,000 da kanta. Idan kuma kuskuren ya sa kun nemi fiye da abin da aikin zai ci, sanarwa ta zama tilas ko da an riga an amince. Ranar da aka zo duba resin sayayya za a ga rarar, kuma wasiƙarku mai hatimi ita ce za ta nuna kuskure ne, ba ha'inci ba.

Yadda za ku san gyaran ya isa

Hatimi yana nuna buro ya karɓa, amma bai nuna an haɗa takardar da dosiyenku ba. Bayan kwana uku ko huɗu, a kira ko a leƙa. Kada a tambaya "Kun samu?", domin amsar kullum "E" ce. A tambaya: "Malam, nawa ne jimlar da ke rubuce a gaban sunan ƙungiyarmu?" Idan ya ce 1,000,000, gyara ya shiga. Idan ya ce 981,000, da tsohuwar takarda ake aiki, sai a nuna masa kwafi mai hatimi. Haka nan ranar sa hannu a yarjejeniya, a karanta adadin da ke cikinta kafin a ɗora biro.

A gida kuma, a ja layi ɗaya a kan kwafin tsohuwar takarda, a rubuta "an soke" da kwanan wata, a ajiye ta tare da sabuwa da wasiƙa da resi a leda ɗaya. Da haka ba wanda zai ɗauko tsohon lissafi ya tafi da shi kasuwar dabbobi.

Aikin gwaji a aji

Ku ɗauki lissafin awakin nan. A ce an manta da igiya, kowace akuya tana buƙatar ta dala arba'in. Ku mai da kuɗin sefa, ku fitar da kuɗin igiya 40, ku nemo sabuwar jimlar aiki. Sannan ku faɗi nawa ƙungiya za ta zuba idan furoje ya tsaya a kan 1,000,000. A ƙarshe kowa ya rubuta wasiƙar gyara a kayensa, ya ba na kusa da shi ya duba ko ta amsa tambayoyin nan biyar.